Martani Ga Mai Cewa Koyon Faɗuwa Ɓata Lokaci Ne A Darasin Kokawa

Wani ɗan'uwanmu malamin makaranta, wanda na tabbata bai ɗauki alƙalami ba sai da nufin gyara, ya fitar da maƙala kwanan baya game da darasin kokawa da wasu makarantun sakandare suke sakawa cikin zangon motsa jiki, inda ya tafi a kan cewa makonnin da ake kashewa ana koya wa samari yadda za su faɗi ƙasa asarar lokaci ce, kuma kwaikwayon baƙi ne a cikin wasan da muka gada tun kaka da kakanni. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce 'yan kokawar ƙauye ba su taɓa zama gaban wani malamin faɗuwa ba, amma ga su nan da ƙasusuwansu lafiya. Ya ƙara da cewa yaron da aka fara koya wa faɗuwa an riga an sa masa karayar zuciya, sa'an nan ya ce darussa 12 na minti 40 ba za su ishi kamu da kayarwa ba, balle a yanke musu wani kaso. Na yarda da shi cewa kokawa tamu ce, ba aro muka yi ba, na kuma yarda lokacin ƙanƙane ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙiyasin da ya gina hukuncinsa a kai, domin ƙiyasi ne tsakanin abubuwa biyu da illarsu ba ɗaya ba ce.

Yaron ƙauye da yake shiga dandali bayan an kawar da amfanin gona ba a wannan daren ya fara faɗuwa ba. Tun yana ɗan shekara biyar yake langa da tsararrakinsa, yake alkafura a rairayin rafi, ake ka da shi yana tashi, a lokacin da jikinsa bai kai nauyin da zai cutar da shi ba, tsayinsa kuma bai nisanta kansa daga ƙasa ba. Saboda haka ya koyi faɗuwa, sai dai ya koye ta cikin shekaru goma ba tare da an kira abin darasi ba. Wanda kuma bai iya ba, ko ya ji ciwo tun da wuri, ya janye jikinsa ya koma cikin 'yan kallo, ba mai tuhumarsa, shi ya sa idan mutum ya dubi 'yan kokawar da suka yi suna yana ganin waɗanda suka tsira ne kawai. Ajin makaranta kuwa ba wanda ya zaɓi shigarsa. A cikin yara 48 na aji guda akwai ɗan manomi mai taurin jiki, akwai ɗan birni da bai taɓa birgima a ƙasa ba tun da aka yaye shi, akwai mai kilo 35 da mai kilo 65 alhali shekarunsu ɗaya, dukansu kuma jadawali ne ya tara su, malami ne ya ce su kama juna. Wanda ya umarci yaro da shiga abin da zai iya cutar da shi ya ɗauki amanarsa, kuma malaman fiƙihu ba su daidaita wanda ya shiga hatsari da zaɓinsa da wanda aka shigar ba.

Marubucin ya kuma kawo ƙissar Samuratu ɗan Jundubu da Rafi'u ɗan Khadiji, samarin nan biyu da suka yi kokawa a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gabanin yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira. Ƙissar tana nuna halaccin kokawa ga samari, wanda ba mu yi saɓani a kansa ba. Ba ta ce komai a kan yadda za a tarbiyyantar da aji guda a farfajiyar da rani ya ƙeƙasar ba.

Bari mu dubi abin da yake faruwa ga jiki idan an ka da mutum, domin a nan ne mas'alar take. Tsakiyar nauyin saurayi mai matsakaicin tsayi tana kusa da mita 1 daga ƙasa, kuma abin da ya faɗo daga mita 1 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 16 a awa. Wannan gudun dole ya tsaya, abin tambaya kawai shi ne a cikin wace tazara zai tsaya, kuma wace gaɓa ce za ta ɗauki tsayawar. A ƙididdiga ta kusa, idan jiki ya tsaya cak a cikin santimita 2, kamar yadda yake yi a kan busasshiyar ƙasa, ƙarfin bugun ya kai nauyin jikin sau 50; idan kuwa aka shimfiɗa tsayawar a kan santimita 10, ta hanyar laushin yashi da lanƙwasar jiki da mirginawa, sai ya sauko zuwa sau 10. Idan aka raba wannan a kan faɗin baya da hannuwa biyu, jiki yana ɗauka ba tare da wata illa ba, amma idan aka tara shi a kan wuyan hannu ɗaya, ƙashi ne zai biya. Duk ilimin faɗuwa bai wuce waɗannan abubuwa ba: a tsawaita tsayawar, a faɗaɗa wurin da ya taɓa ƙasa, a kuma hana kai isa ƙasa.

Matsalar ita ce ɗabi'ar da aka halicci mutum a kanta tana umartarsa da akasin haka. Duk wanda ya ji zai faɗi, kafin tunani ya zo masa ya riga ya miƙa hannu ya dogara, gwiwar hannu a sandare, kuma daga wannan dogarawa ake samun karayar wuyan hannu, da gocewar gwiwar hannu, da karayar siririn ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji. Ga saurayi abin ya fi muni, saboda a ƙarshen dogayen ƙasusuwansa akwai wani faifai na guringuntsi wanda daga nan ƙashi yake ƙara tsawo, ba ya gama ƙanƙarewa sai wajen shekara 16 zuwa 18 ga maza, mata kuma suna riga su da kamar shekara biyu. Wannan faifan ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni, saboda haka faɗuwar da za ta bar babban mutum da targaɗe tana iya tsaga shi ga yaro, kuma idan bai warke daidai ba hannun yana iya girma a karkace. Ƙa'idar kokawarmu ma tana ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi, domin wanda ya kai ƙasa shi ne aka kayar, don haka ɗan kokawa yana ƙin faɗuwa har ƙarshen ƙarfinsa, yana murɗa jiki a sama yana neman abin dafawa. Ga gwani wannan jarumta ce, kuma ita ce take ƙayatar da 'yan kallo a gasar Takobi da Nijar take yi tun 1975. Ga yaro a makonsa na farko, ita ce hanyar asibiti.

Daga nan amsar hujjar marubucin ta biyu, ta karayar zuciya, take fitowa. Yaron da yake tsoron ƙasa ba ya kai hari. Yana sunkuyar da kai, ya tura ƙugu baya, ya sandare hannuwa, ya riƙe abokinsa don kada komai ya faru, kuma duk malamin da ya tsaya a kan irin wannan aji ya ga minti biyu suna wucewa yara biyu suna tokare da juna ba wanda ya ɗaga ƙafa. Ba za a koyi taɗiya ba sai an ɗaga ƙafa ɗaya, ba kuwa mai ɗaga ƙafa sai wanda ya san idan ta ƙwace masa zai tashi lafiya. Haka kuma ba a koyon kayarwa sai da wanda za a yi ta kayarwa sau da yawa, kuma abokin da kowace faɗuwa take yi masa ciwo ba zai ba da jikinsa karo na uku ba. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar judo ta Kodokan a Tokyo a 1882, ya bar wa almajiransa tsarin da faɗuwa take gaba da jifa, kuma ba a san mutanen wannan makaranta da karayar zuciya ba.

To yaya ake koyarwar? Zan ɗauki ajin nan na yara 48 da darussa 12, in bi shi daki-daki, domin marubucin ya ga cewa lokacin da yake kuka a kansa ya isa.

Kafin darasi na farko akwai aikin da ba na yara ba ne. Idan babu katifun wasa, kuma galibi babu, sai a zuba yashin rafi mai zurfin kamar santimita 20 zuwa 30, a tankaɗe shi daga tsakuwa da kwalba, a riƙa kaftarsa da fartanya kafin kowane darasi, domin yashin da aka tattake ya daskare bai fi ƙasa da komai ba. A auna yaran a rubuta nauyinsu, a haɗa su bibbiyu bisa nauyi, ba bisa aji ko abota ba, kada bambancin ya wuce kamar kilo 5. A duba farce, a cire zobe da agogo da kambu da duk abin da aka rataya a wuya. Mai makero ko ƙazuwa ya dakata har ya warke, tun da cututtuka ne da fata take ba fata. Mai farfaɗiya, da mai sikila, da wanda ya taɓa buguwa a kai ko ya karye kwanan nan, ba malami ne zai yanke hukuncinsu ba, sai da izinin likita.

A farkon darasi na farko yara ba sa tsayawa ma. Suna kwanciya rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, kowa ya ɗaga kai ya manna haɓa da ƙirji har ya ga cibiyarsa, sa'an nan ya buga ƙasa da hannuwa biyu a lokaci guda, tun daga tafi har damtse, hannuwan a buɗe kaɗan daga jiki, kamar kusurwar digiri 30 zuwa 45, yana fitar da numfashi yayin bugun. Idan an sami wannan sai a zauna a mirgina baya, baya a lanƙwashe, a buga ƙasa daidai lokacin da tsakiyar baya ta taɓa ta. Daga zaune a koma tsugune, daga tsugune a koma tsaye, inda yaro zai ja ƙafa ɗaya baya, ya sauke mazaunansa kusa da diddige, ya mirgina. Ba a hawa mataki sai an ga na ƙasa ya zauna. Alamomin kuskure a bayyane suke ga mai lura. Idan aka ji ƙara biyu, to hannu ya riga baya sauka, ma'ana yaron yana dogarawa ne. Idan aka ga yashi a ƙeyarsa, haɓarsa ta saki. Idan ya tashi yana shafa gwiwar hannu, da ita ya sauka. Idan numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, ya faɗi da baya a miƙe kuma ya riƙe numfashi. Yashi a ƙeya shi ne wanda ba a yafewa, mai shi ya koma kwance ya sake daga farko, ko da abokansa sun yi gaba.

Darasi na biyu na faɗuwar gefe ne, wadda ita ce aka fi bukata a kokawa domin galibin kaye a gefe yake saukar da mutum: a sauka a kan kwiɓi da cinya, hannun da ke ƙasa ya buga, ƙafafu a ware kada gwiwa ta hau gwiwa, kai a ɗage. A nan kuma ake koyar da faɗuwar gaba, daga durƙuso, a sauka a kan tafuka da sangalin hannu gaba ɗaya, fuska a juye gefe. Darasi na uku na mirginawa ne ta kan kafaɗa, daga kafaɗar dama zuwa ƙugun hagu, sa'an nan akasin haka, kai ba ya taɓa ƙasa ko kaɗan. Wannan ya bambanta da alkafurar da yara suka saba, wadda take bi ta tsakar ka da wuya, kuma raba su da ita yakan fi koya wa wanda bai iya komai ba wahala.

Kada marubucin ya zaci a waɗannan darussa uku ba a kokawa. Minti 25 ne na faɗuwa, sauran kuwa na tsayuwa da kamu ne: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗu, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe, kai a ɗage, hannu ɗaya a bayan wuyan abokin karawa, ɗayan a gwiwar hannunsa, sa'an nan wasan tura da ja, wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga da'ira ko ya sa shi ɗaga ƙafa ya ci. A nan yaro yake gane sirrin da duk gwanin kokawa ya sani, cewa ba a ka da mutum sai an fara gusar da nauyinsa zuwa ƙafa ɗaya. Daga darasi na huɗu zuwa na shida ana kokawa a durƙushe, inda faɗuwar ba ta da nisa, ana kuma koyon zura hannuwa ƙarƙashin hamatar abokin karawa don kama ƙugu. Sai a na bakwai ake fara kayarwa a tsaye, kala ɗaya tak, wanda za a kayar ya san za a ka da shi, ya san ɓangaren da zai faɗi, kuma ba ya turjewa. Turjiya tana shigowa kaɗan kaɗan daga na tara, karawa ta sosai kuma ba ta wuce darussa biyu na ƙarshe, minti ɗaya ɗaya, kada a wuce karawa shida a fili lokaci guda, kowane biyu da murabba'in mita 3 nasu, domin karon kai da kai tsakanin maƙwabta yana daga ciwon da ake mantawa da shi. Idan aka lissafa, minti 75 a darussa uku na farko, da minti 8 na bita a farkon kowane ɗaya daga tara da suka rage, jimla minti 147 ke nan cikin 480, bai kai sulusi ba.

Akwai wani abu da zan ba marubucin, wanda da ya kawo shi da hujjarsa ta fi haka nauyi: iya faɗuwa kaɗai ba ya tsare yaro. Japan ce shaida. Binciken Ryo Uchida na Jami'ar Nagoya ya nuna cewa ɗalibai sama da 100 sun rasu a judo na makarantun ƙasar cikin kusan shekaru 30 daga 1983, da yawansu sababbin shiga ne a shekararsu ta farko, kuma babban sanadin shi ne zubar jini a cikin kai. Wannan kuwa a ƙasar da kowa ya san ana koyar da faɗuwa. Abin da nake fahimta daga wannan shi ne, faɗuwar da yaro ya iya shi kaɗai ba ita ce faɗuwar da wani ya jefa shi da ƙarfi ba zato ba, kuma wuyan sabon shiga bai yi ƙwarin da zai riƙe kai ba idan aka fyaɗa shi ta baya. Saboda haka rabin darasin faɗuwa yana wuyan mai kayarwa. Idan ya taɗe ƙafar abokinsa ba ya sakin hannun da ya riƙe, yana tsaye da ƙafafunsa, yana jan hannun sama kaɗan yayin da abokin yake sauka, ta yadda kafaɗa ɗaya da kai ba za su bugi ƙasa ba. Ba ya kuma bin sa ya faɗa masa a ƙirji. Wanda ya saki, ko da kayen ya yi kyau, ba a ƙirga masa. A kan wannan dalili ne ake haramta wasu abubuwa a ajin gaba ɗaya, ko da halal ne a dandali: ɗaga mutum sama a maka shi, jifa ta baya ta kan kai, shaƙe wuya, danna ƙeya da hannuwa biyu daga baya, murɗa gaɓa ko yatsa. Kalmar tsayawa kuma ɗaya ce, kowa ya ji ta ya saki nan take, kuma wanda ake kayarwa yana da ikon faɗarta kamar malami.

Duk da wannan wata rana wani zai bugu, kuma a nan ne al'adar da marubucin yake yabo take bukatar gyara mafi girma, domin abin da muka saba shi ne a ɗaga yaro tsaye, a yayyafa masa ruwa, a ce namiji ne ya koma fili. Wanda ya bugu a kai ya tashi yana layi, ko yana kallon mutane bai gane su ba, ko ya kasa faɗar abin da ake yi kafin ya faɗi, ko ya ce kansa yana ciwo, ya gama wasa a wannan rana ko da bai suma ba, kuma ba ya dawowa sai likita ya gan shi, domin bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko hatsari nesa. Idan ya yi ta amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci yana rinjayarsa, ko ya yi jijjiga, asibiti za a nufa a take, kuma a sanar da iyaye su lura da shi cikin dare, saboda zubar jini a kai takan jinkirta bayyana. Wanda ya ce wuyansa yana ciwo, ko hannu ko ƙafa sun mutu masa, ba a ɗaga shi, ba a juya kansa, a riƙe kan yadda yake har masu agaji su zo. Wuyan hannun da ya kumbura, kuma yaro ya zabura idan an danna kan ƙashin, a ɗauke shi karaya ne har hoton ƙashi ya ce ba haka ba. Kada a ja shi da sunan gyaran targaɗe, a tallafe shi da katako da ƙyalle ba tare da matsewa ba, a riƙa duba yatsu, idan sun yi sanyi ko sun canza launi ɗaurin ya yi tsanani.

Marubucin ya rufe maƙalarsa da shawarar a gayyato tsohon ɗan kokawa na gari ya karɓi darasin, kuma ina goyon bayan gayyatar, domin babu littafin da zai koya wa yaro jin nauyin abokin karawa kamar hannun wanda ya yi shekaru a fage. Sai dai a kira shi daga darasi na bakwai, bayan malamin aji ya gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi ta baya da ta gefen dama da hagu daga tsaye sau biyar a jere ba yashi a ƙeyarsa ba dogarawa da hannu, a kuma karanta masa jerin abubuwan da aka hana tun kafin ya shiga fili. Yaron da bai ci wannan gwaji ba ya ci gaba da kokawar durƙuso tare da wani irinsa har ya ci, ko da zangon zai ƙare bai yi karawar tsaye ba.